Yadda ake share tarihin kallo a YouTube ba tare da an kori bidiyoyin Hausa daga wayar ba

Kusan duk wanda ya kawo mini waya a nan Makka yana kukan cewa YouTube ɗinsa ta lalace, ya riga ya yi abu ɗaya kafin ya zo: ya shiga saitin waya ya danna Clear cache, wani ma ya cire manhajar ya sake sauke ta. Sai ya buɗe ya tarar da bidiyoyin nan dai da yake gudu suna jiransa. Ɓarnar data ce kawai, domin tarihin ba a cikin wayar yake zaune ba. Muddin ka shiga da adireshinka na Gmail, duk bidiyon da ka kalla da duk kalmar da ka rubuta a wurin bincike ana rubuta su ne a asusunka na Google, can a rumbun kamfanin, da ranarsu da lokacinsu. Ka sauya waya, ka sauya layi daga na Najeriya zuwa na Saudiyya, suna nan biye da kai. Tarihin da kake sharewa a Chrome ma wani littafi ne daban, share shi ba ya taɓa na YouTube.

Littattafai biyu YouTube ke riƙe maka. Ɗaya na abin da ka kalla, har da gajerun bidiyoyin Shorts da yaro zai zuge hamsin a zama guda. Ɗayan na abin da ka nema da hannunka. Daga waɗannan biyun, haɗe da tashoshin da ka yi wa subscribe, da bidiyoyin da ka danna wa alamar so, da ƙasar da kake, take haɗa abin da za ta shimfiɗa maka a shafin farko. Wannan na ƙarshen, wato ƙasar da kake, shi ne abin da Bahaushen da ke zaune a ƙasar Larabawa ya kamata ya riƙe sosai. A Kano ko Maraɗi in ka share komai, muhallinka zai iya dawo maka da abin da ya yi kusa da kai. A Makka ko Jidda kuwa tarihin nan shi ne babban shaidar da YouTube ke da ita cewa kai mai jin Hausa ne.

Na koyi wannan a kan wayar gwaggona. Dattijuwa ce da ta shekara da yawa a nan, abin da take saurare bai wuce tafsiri da Hausa, da karatun limaman Harami, da labaran gida ba. Da aka yi hutun makaranta jikoki suka yi sati uku a wurinta, wayar ta koma hannunsu. Bayan sun tafi ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, zo ka duba mini, malamaina duk sun ɓace, sai 'yan tsana da masu ihu." Na karɓa, na shiga History, na danna Clear all watch history, ina ganin na gama mata aiki. 'Yan tsanan sun ragu ƙwarai, amma malaman ba su dawo ba. Shafin ya cika da abin da ake yayi a ƙasar, ƙwallo da barkwanci da Larabci, tunda ita ba ta taɓa yin subscribe ga kowa ba, abin da aka nuna mata kawai take dannawa. Tarihin shekaru na goge don in cire na sati uku, kuma abin da aka share ba ya dawowa. Wasu malaman da muryarsu ta san su, ba da sunan tasha ba, mun jima muna lalube kafin mu gano su. Har yau abin yana damuna, shi ya sa dokata ta farko ita ce kada ka taɓa maɓallin share duka a wayar wani.

Ga yadda nake yi yanzu. Da farko ka tabbatar da wane asusu ne a buɗe. Danna You a ƙasan manhajar, ka buɗe wurin sauya asusu, ka karanta adireshin Gmail ɗin da ke kai. Wayoyin dattawanmu da yawa mai shago ne ko wani ɗa ya buɗe musu Gmail, wani lokaci ma asusun ɗan ne a kai, ka ga in ka share, tarihin wani ka share ba da saninsa ba.

Daga nan ka shiga Settings, ka nemi Manage all history. In ka fi son burauza, wannan adireshin zai kai ka wuri ɗaya:

```
myactivity.google.com/product/youtube
```

Idan wayar da Larabci take, kalmar da za ka nema ita ce السجلّ. Shafin zai jero maka komai rana bayan rana, abin da aka kalla da alamar Watched, abin da aka nema da Searched for. Kada ka share komai tukuna. Ka yi ta gangarawa har ka gano ranar da baƙin abubuwa suka fara shigowa da ranar da suka tsaya. Nan ne ake gaggawa, kuma nan ne aikin yake. A kan wayar wata maƙwabciyarmu da na gyara daga baya, na ga kwana goma sha biyu ne kacal suka cika da wasannin yara, kafin su da bayansu duk wa'azi ne da girke-girke. Na danna Delete, na zaɓi Delete custom range, na sa ranar farko da ta ƙarshe, na bar sauran yadda suke. Kafin ka tabbatar, shafin kan nuna maka samfurin abin da zai tafi. Ka karanta shi. In ka ga abubuwan mai wayar sun fi yawa a ciki, ka koma ka rage kwanakin.

Akwai kwanakin da suke gauraye, da safe ita, da yamma yara. Waɗannan sai da haƙuri. Akwai alamar bincike a saman shafin, ka rubuta sunan tashar da ta addabe ka, duk bidiyoyinta da aka kalla za su fito, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da alamar X. Yana cin lokaci, don haka ka yi shi inda akwai wayifai, da shayi a gefe. Ba sai ka cire kowane ɗaya ba. Tashoshi huɗu ko biyar da aka fi nanatawa su ne ke jan shafin, in ka tumɓuke su sauran ba su da ƙarfi.

Kada ka manta da littafi na biyu. Mutane kan share kallo su bar bincike, alhali kalmar da yaro ya rubuta sau goma tana nan tana aiki. In ka share ta kwanan wata a wannan shafin, duka biyun ke tafiya tare. In kuwa ɗaya-ɗaya kake yi, ka taɓa wurin bincike a manhajar, tsofaffin kalmomin za su fito da alamar agogo, ka danne wadda ba ka so ka riƙe har Remove ya bayyana.

Yanzu ka ja shafin farko ƙasa ya sabunta. In bayan kwana ɗaya ko biyu har yanzu abubuwan suna nan, to ɗayan uku ne. Ko dai yaran sun yi subscribe ga tashoshin, wanda share tarihi ba ya cirewa, sai ka shiga Subscriptions ka sallame su. Ko sun danna alamar so, sai ka duba Liked videos. Ko kuma, wanda ya fi yawa a gidajenmu, talabijin ɗin falo yana kan asusun nan, duk abin da aka kunna a can yana zubowa cikin tarihin wayar. Gane shi ba wuya: ka koma shafin tarihi, in ka ga an kalli wani abu ƙarfe huɗu na yamma alhali wayar tana aljihunka kana Harami, to wata na'ura ce. Ka je talabijin ɗin ka fitar da asusun. Bincike da aka yi a Google ma yana iya ɗan tasiri, shi kuma yana ƙarƙashin Web & App Activity ne, amma ban cika taɓa shi ba sai in sauran sun gaza.

Wasu kan ce to a kashe tarihin gaba ɗaya a huta. Ban yarda da wannan ba ga wanda bai iya rubuta bincike da kansa ba. Tun watan Agusta na 2023, wanda ya kashe tarihin kallo kuma ba shi da wani tsohon tarihi mai yawa, shafin farko kan zo masa fayau, ba komai sai wurin bincike. Ga matashin da ke son rage zaman waya wannan alheri ne. Ga irin su gwaggona kuwa an rufe mata ƙofa ke nan. Abin da ya fi shi ne Turn on Incognito, yana nan a shafin You: ka kunna kafin ka miƙa wa yaro waya, abin da ya kalla ba zai shiga asusunka ba. Sai dai yana kashe kansa in an bar manhajar ba a taɓa ba na minti 90, saboda haka in wayar za ta wuni a hannunsu, gara ka sa musu YouTube Kids.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A shafin tarihin akwai Auto-delete mai zaɓi uku, wata 3, wata 18 ko wata 36. Ni 36 nake sa wa kowa, domin wata 3 zai share tafsirin azumin bana tun kafin wani azumin ya zagayo. Abin da ka share yana ɓacewa daga idonka nan take, ya kuma daina shiga lissafin abin da za a nuna maka, amma Google ta ce gogewa daga rumbunanta kan ɗauki kimanin wata biyu, kwafin ajiya kuma har wata shida. A Settings, ƙarƙashin General, kana iya mayar da Location zuwa Nigeria, yana ɗan taimakawa amma ba ya maye gurbin tarihi.

In kuwa ka riga ka share duka kafin ka karanta wannan, sai ginawa daga tushe. Ka zauna da mai wayar, ka ce, "Hajiya, faɗa mini waɗanda kike saurare," ka nemo su da Hausa ɗaya bayan ɗaya, ka yi musu subscribe a wannan karon, ka bar bidiyoyin su yi ta tafiya sosai, kada ka buɗe ka rufe. Duk baƙon da ya leƙo shafin farko, ka danna ɗigo ukun gefensa ka zaɓi Not interested, in tashar ce baki ɗaya ba a so, Don't recommend channel. A wayar gwaggo mun fara da tashoshi bakwai, kuma sai da aka yi wajen sati biyu tana saurare kullum kafin shafinta ya koma yi mata magana da Hausa.