Babi na 6: Rage gurnanin lantarki da hucin fanka a muryar da aka ɗauka da waya

A ce ka ɗauki darasin minti goma da wayarka. Malamin yana zaune gefen tebur, fankar sama tana juyawa, firji kuma yana aiki a kusurwar ɗaki. Lokacin ɗaukar ba ka lura da komai ba, domin kunne yakan saba da ƙarar da ba ta canzawa. Sai da ka sa iyafis ka saurara ka ji abu biyu a ƙarƙashin maganar: wani gurnani mai kauri, "mmmm", da wani huci, "shuuu", kamar iska tana bin ganye.

Waɗannan biyun ba jinsi ɗaya ba ne, kuma ba magani ɗaya suke ji ba. Wanda ya haɗa su ya ba su magani ɗaya mai ƙarfi, shi ne yake ƙarewa da murya mai ɓulɓul, kamar malamin yana karantarwa daga cikin randa.

Za mu yi aikin da Audacity, manhajar kwamfuta ta kyauta. Sunayen maɓallanta an rubuta su nan kamar yadda za ka gan su a allo.

Banbancin gurnani da huci

Kowane sauti girgiza ce. Ana ƙirga yawan girgizar a daƙiƙa ɗaya, ana rubuta ta da alamar Hz. Wutar lantarki a Afirka da Turai tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, a Amurka da Kanada kuwa sau 60. Saboda haka gurnanin kayan wuta yana zama wuri ɗaya cak: a 50 Hz, da ninkinsa, wato 100 da 150, wani lokaci har sama. Injin firji da taransifoma sun fi ƙarfi a wajen 100. Tunda mun san inda gurnani yake zaune, ana iya zuwa a ciro shi kamar ƙaya, ba tare da an taɓa naman da ke kewaye ba.

Hucin fanka ba shi da mazauni ɗaya. Ya bazu ko'ina, ya cakuɗe da murya kamar yashi a cikin gero. Ba a cire shi kakaf, sai dai a rage shi.

Shiri kafin gyara

Tura fayil ɗin zuwa kwamfuta da kebur, kada ka aika shi a matsayin saƙon murya. Manhajojin hira suna matse sauti don ya yi sauƙin tafiya, kuma muryar da aka matse ta fi saurin yin ɓulɓul idan aka zo gyara. Ajiye kwafi ɗaya a gefe wanda ba za ka taɓa ba. Idan fayil ɗin ya ƙare da `.m4a` kuma Audacity ta ƙi buɗe shi, tana bukatar ƙarin wani abu mai suna FFmpeg. Sau ɗaya ake saka shi.

Yanzu nemi wurin da ba wanda yake magana. A darasinmu, malamin ya tsaya na daƙiƙa biyu kafin ya amsa wata tambaya. Ja linzamin kwamfuta a kan wurin don ka zaɓe shi, ka saurara sau biyu ko uku. Kada a ji numfashi a ciki, ko motsin kujera, ko buɗe takarda. Gurnani da huci kaɗai ake so.

Fara da gurnani

Da wannan shirun a zaɓe, shiga `Analyze` ka danna `Plot Spectrum`. A wurin `Size` zaɓi 16384, a wurin `Axis` zaɓi `Log frequency`. Za ka ga hoto kamar tuddai. Huci shi ne shimfiɗaɗɗen tudun nan mai faɗi. Gurnani shi ne tsini-tsinin da suka miƙe sama a ɓangaren hagu. Kai linzami kan kowane tsini, lambarsa za ta fito a wurin `Peak`. A misalinmu mun sami ƙaramin tsini a 50, babba a 100, da matsakaici a 150. Kada ka yi mamakin ƙanƙantar na 50, domin wayoyi da yawa suna rage sauti mai kauri sosai tun wajen ɗauka.

Rufe hoton, danna `Ctrl+A` don zaɓar dukan muryar. A cikin `Effect` nemi `High-Pass Filter`. Aikinsa shi ne barin sautin sama ya wuce, ya danne na ƙasa. Sa 80 a `Frequency (Hz)`, ka zaɓi 24 dB a `Roll-off`, wato tsananin dannewar. Ita dB ma'aunin ƙarfin sauti ce. Dalilin zaɓen 80 shi ne tushen muryar babban namiji yakan fara ne daga wajen 85 Hz, na mace kuwa daga wajen 165. Abin da ke ƙasa da 80 yawancinsa ba magana ba ne. Wannan ya kula da tsinin 50, har da bugun iskar fanka a bakin makirfo. Idan ka yi zari ka kai lambar 200, gurnani zai tafi, amma malamin zai koma da siririyar murya kamar ta ƙaramar rediyo.

Tsinin 100 da na 150 suna cikin gonar murya, don haka a nan sai da wuƙa mai kaifi. Ita ce `Notch Filter`. Sa 100 a `Frequency (Hz)`, ka sa 10 a `Q`. Wannan `Q` faɗin yanka ne: in lambar ta ƙaru, yankan ya ƙara siranta. Da 10, abin da aka yanke a kewayen 100 bai wuce faɗin kusan 10 Hz ba. Maimaita a 150. Ka tsaya a tsinin da ka gani da idonka a hoton, ban da yankan kan-mai-uwa-da-wabi. Idan wutar janareto ce, tsinin zai iya zama a 48 ko 52, ya kuma riƙa ɗan yawo. Sai ka sa lambar da `Peak` ya nuna, ka rage `Q` zuwa 5 don yankan ya ɗan faɗaɗa.

Daga ina ɓulɓul yake fitowa?

Kafin mu taɓa huci, ya kamata ka san yadda manhajar take aiki, domin a nan ake yin ɓarna. Tana raba sautin zuwa siraran layuka masu yawa, kowane layi da ƙofarsa. Kai ne kake ba ta samfurin ƙarar. Daga nan sai ta riƙa duba kowace ƙofa sau da yawa a daƙiƙa: in abin da ke wucewa bai fi samfurin ƙarfi ba, ta tura ƙofar, in ya fi, ta buɗe.

Wasulan da aka faɗa da ƙarfi ba su da matsala, ƙofa a buɗe take. Matsalar tana wurin sassan magana masu rauni, irin su "s" da "f" da "sh", da ƙarshen kalma inda murya take sauka. Ƙarfinsu dab yake da na hucin, har kama suke yi da shi. Sai ƙofofi su rikice, wannan ta buɗe, ta kusa da ita ta rufe, nan take su sauya. Wannan buɗe-rufen ne kunne yake ji kamar ruwa yana zuba a tulu. In ƙofar tana rufewa kaɗan, ba a jin sauyin. In tana rufewa gam, kowane motsinta a fili yake. Shi ya sa yawan ragewa yake haifar da ɓulɓul.

Rage huci

Koma ka sake zaɓar shirun nan na daƙiƙa biyu. Sai yanzu za a ɗauki samfuri, bayan an cire gurnani, domin manhajar ta fuskanci huci kaɗai. Buɗe `Noise Reduction` a cikin `Effect`, danna `Get Noise Profile`. Akwatin zai rufe kamar ba abin da ya faru, amma ta riƙe samfurin. Danna `Ctrl+A`, ka sake buɗe shi, ka sa waɗannan:

```
Noise reduction (dB): 8
Sensitivity: 6
Frequency smoothing (bands): 3
```

Ta farko ita ce zurfin rufe ƙofa. Ana auna shi da dB, kuma rage 10 dB yana sa kunne ya ji ƙara ta koma kamar rabi. Ta biyu ita ce saurin zargin manhajar: in ta yi yawa, tana ɗaukar murya a matsayin huci, in ta yi kaɗan, tana barin ɓurɓushin huci yana ƙyalƙyal kamar ƙananan ƙararrawa. Ta uku tana sa ƙofofin da ke maƙwabtaka su motsa tare, abin da ke lafar da ɓulɓul, sai dai in ta yi yawa maganar takan ɗan dusashe.

Kada ka yi saurin danna amincewa. Akwai wani zaɓi a ƙasa mai suna `Residue`, wanda masu koyo da yawa ba sa kula shi, alhali a ganina ya fi duk sauran amfani. Zaɓe shi, ka danna `Preview`. Abin da za ka ji shi ne abin da manhajar take shirin zubarwa. In huci ne zalla, ko da ɗan inuwar murya can nesa, babu laifi. In kana iya gane kalmomin malamin, to tana cin naman murya. A misalinmu, da muka gwada 18 dB, ana jin "s" ɗin malamin tsaf a cikin sharar. Da muka sauko 8 kuma muka mai da `Sensitivity` zuwa 5, sai huci kawai ya rage a ciki. Daga nan ka mai da zaɓin kan `Reduce`, ka aiwatar.

Akwai wani tarko na musamman ga waya. Wayoyi da yawa suna ƙara ƙarfin makirfo da kansu idan aka yi shiru, su rage shi idan an fara magana. Za ka gane haka in hucin yana kumbura duk lokacin da malamin ya daɗe bai ce komai ba. Samfurin da aka ɗauka a ƙarshen dogon shiru zai fi hucin da ke ƙarƙashin magana ƙarfi, sai manhajar ta yi ta datse murya. Maganinsa shi ne ɗaukar samfuri daga gajeren shiru tsakanin jimla da jimla. Rabin daƙiƙa ma ya isa in yana da tsabta.

Saurari sakamakon da iyafis, ba da lasifikar kwamfuta ba, ka sa kunne a ƙarshen jimloli. Ya kamata ka ci gaba da jin ɗan huci a baya. Kunne yana mantawa da huci mai laushi cikin ɗan lokaci, amma ba ya sabawa da muryar da ke ɓulɓul. In ka ji ta lalace, danna `Ctrl+Z`, ka rage lambar farko da 2, ka sake gwadawa.

Wannan hanya tana da iyaka. Ba ta cire kukan yaro ko hon ɗin mota, domin ba sa tsayawa a kan yanayi ɗaya. Fankar tebur mai juya kai ma tana wahalar da ita, tunda hucinta yana zuwa yana komawa. In kuma wayar ta yi nisa har huci ya kai ƙarfin murya, gyara ba zai yi kyau ba. Matso da waya daga mita ɗaya zuwa rabin mita yana ƙara wa murya kusan 6 dB a kan ƙarar ɗaki, wato kusan duk abin da muka sha wahalar ragewa a sama. Cire waya daga caja lokacin ɗauka shi ma yakan kashe wani gurnanin tun daga tushe.

Aikin gwaji

Kunna fanka, ka yi shiru na daƙiƙa biyar, sannan ka karanta wannan jimla sau uku: "Safiya ta share falo da sassafe." Gyara kwafi ɗaya da 8 dB, wani kwafin da 24 dB. Saurari su biyun, ka rubuta a littafinka haruffan da suka fara lalacewa a kwafi na biyu.