Babi na Bakwai: Karanta Agogo Mai Hannu da Gane Lokacin da Waya Take Nunawa

Darasi na ɗaya: hannun agogo

Kafin ku fara wannan babi, ku sauko da agogon bango ku ajiye a gabanku. Wanda ba shi da shi ya samo kwali, ya kifa murfin tukunya a kai, ya zana, ya yanke. Ya rubuta 12 a sama, 6 a ƙasa, 3 a dama, 9 a hagu, sannan ya cike sauran lambobin a tsakani. Ya karya tsinken tsintsiya biyu, ɗaya dogo, ɗaya gajere. Agogo ya samu. A ajinmu na Tudun Wada da irin wannan muke koyo, kuma ya fi na bango amfani ga mai koyo, domin da yatsanka za ka juya shi yadda kake so.

Agogo yana da hannu biyu da za mu kula da su. Gajeren shi ne mai faɗin ƙarfe nawa. Dogon shi ne mai faɗin minti nawa. Akwai na uku, siriri, mai gudu ba tsayawa, wannan na sakan ne, ku ƙyale shi tukuna. Dukansu hanya ɗaya suke bi: daga 12 su gangara ta wajen 1, 2, 3, su sauka 6, su hau ta 9, su koma 12. Ba sa komawa baya.

Ku sa dogon hannu a kan 12, gajeren a kan 4. Wannan ƙarfe huɗu ne daidai, a rubuce 4:00. Lambar da take gaban ɗigo biyun nan, wato ta hagu, ita ce awa. Ta dama ita ce minti. Ku matsar da gajeren zuwa 7, ku bar dogon inda yake. Ƙarfe bakwai daidai ke nan. Duk wanda ya iya wannan ya kama hanya, kada ya ce kansa ya tsufa.

Darasi na biyu: dogon hannu

Awa ɗaya minti 60 ce, kuma a cikinta dogon hannu yake zagaye agogo sau ɗaya. Lambobin da ke jikin agogo 12 ne, saboda haka daga wata lamba zuwa ta gaba minti 5 ne. Idan dogon hannu yana kan 1, ba minti ɗaya ba ne, minti 5 ne. A kan 2, minti 10. A kan 3, minti 15, shi ne muke cewa da kwata. A kan 6, minti 30, da rabi. A kan 9, minti 45, saura kwata.

Ku ɗora yatsa a kan 12 ku riƙa ƙirga da murya, kamar kuna ƙirga kuɗi biyar-biyar: biyar, goma, sha biyar, ashirin, har sittin. Mata masu saye da sayarwa ba sa shan wahala a nan. Ku rubuta waɗannan lambobi da fensir a bakin da'irar kwalinku, 5 kusa da 1, 10 kusa da 2, har ƙarshe. Sai kun haddace ku goge.

Darasi na uku: inda ake faɗuwa

A nan nake so ku zauna da kyau, domin a nan na ga dattawa masu hankali suna tuntuɓe shekara da shekaru.

Gajeren hannu ba ya tsayawa a kan lamba ya jira awa ta cika sannan ya yi tsalle. Tafiya yake a hankali, duk tsawon awar. Ƙarfe biyu daidai yana kan 2. Biyu da kwata ya ɗan gota. Biyu da rabi yana tsakiyar 2 da 3. Idan an kusa ƙarfe uku, sai ka gan shi ya manne wa 3 kamar ya iso, alhali bai iso ba. Ƙa'idar ita ce: idan gajeren hannu yana tsakanin lamba biyu, lambar da ya wuce za ka karanta, ba wadda yake dosa ba.

Wanda ya taso daga Zariya ya iso Rigachikun, ya hango Kawo a gabansa, bai ce ya sauka a tashar Kawo ba. Haka gajeren hannu yake.

Mu gwada. Ku sa gajeren hannu tsakanin 2 da 3, dab da 3. Ku sa dogon a kan 10. Tambaya ta farko, wace lamba gajeren ya wuce? Ya wuce 2. To awa 2 ce, ku rubuta 2 nan take, tun kafin ku kalli dogon. Yanzu ku ƙirga dogon biyar-biyar daga 12 har 10, za ku samu 50. Lokaci 2:50 ne.

Wani dattijo mai sayar da hatsi ya ce mini, "Malam, ai wannan uku saura minti goma ne." Na ce, "Baba, gaskiyarka, haka muke faɗa da baki." Sai ya ɗauki alli ya rubuta 3:10 a allo. Ga inda matsalar take. Bakinmu yana ambaton ukun da ba ta yi ba tukuna, sai hannu ya bi baki. Wasu su rubuta 3:10, wasu 3:50, duka kuskure ne. 3:10 uku ne da minti goma, an wuce ukun. Uku saura minti goma kuwa ukun ba ta zo ba, muna cikin awar biyu, shi ya sa ake rubuta 2:50. Duk lokacin da bakinku ya ce "saura", lambar da za ku rubuta a hagu ita ce wadda take zuwa kafin wadda kuka ambata.

Mu sake. Gajere tsakanin 7 da 8, dogo a kan 9. Wace lamba ya wuce? 7. Ku rubuta 7. Dogo a kan 9 minti 45 ne. Lokaci 7:45, takwas saura kwata.

Mu sake. Gajere tsakanin 11 da 12, dogo a kan 11. Kada ku ruɗe don hannayen sun taru wuri ɗaya. Wace lamba gajeren ya wuce? 11. Minti 55. Lokaci 11:55.

Ɗaya kuma, shi ne mai wuyar. Gajere tsakanin 12 da 1, dogo a kan 8. Ya wuce 12, bai kai 1 ba. Lokaci 12:40, ɗaya saura minti ashirin.

Idan kuna shakka ko gajeren ya kai lamba ko bai kai ba, ku tambayi dogon. Dogo yana ɓangaren hagu, tsakanin 6 da 12, yana hawa? To awa ba ta cika ba, gajeren bai iso ba, ko da idonku ya ce ya iso. Dogo yana ɓangaren dama, bai daɗe da barin 12 ba? To an shiga sabuwar awa. Idan kuwa kuka ga dogon a kan 6 amma gajeren yana zaune daram a kan lamba, hannun agogon ne ya goce, a kai wa mai gyara.

Na faɗa sau huɗu, kuma na san ranar gwaji wani zai rubuta 3:50. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, garaje ne. Mutum ya kalli agogo da wutsiyar ido ya faɗi lambar da ta fi kusa da hannu. Ku daina. Wanda ba zai ba agogo sakan biyar na natsuwa ba, ba zai iya shi ba ko ya shekara a aji. Ku tambayi kanku da murya: wace lamba ya wuce?

Darasi na huɗu: 16:00 ba ƙarfe shida ba ne

Yini da dare awa 24 ne, agogon bango kuwa 12 kawai yake da su, shi ya sa gajeren hannu yake zagaye sau biyu a rana. Mu da baki muke rarrabewa, mu ce huɗu na asuba, huɗu na yamma. A waya wani lokaci za ku ga AM ko PM. AM daga sha biyun dare ne zuwa kafin sha biyun rana, PM daga sha biyun rana zuwa kafin sha biyun dare.

Amma waya da yawa, da rasit ɗin POS, da tikitin jirgi, ba sa tsayawa a 12. Suna ci gaba da ƙirga: ƙarfe ɗaya na rana 13:00, biyu 14:00, har sha ɗaya na dare 23:00. Wata baiwar Allah a ajinmu an turo mata saƙo ta zo karɓar kaya 16:00. Ta rufe 1 ɗin da yatsa, ta karanta 6, ta je ƙarfe shida ta tarar an tashi. Ba a jefar da 1, ana cire 12 ne. Idan cire 12 yana muku nauyi, ku cire 10, sannan ku cire 2. Daga 16 an cire 10 saura 6, an cire 2 saura 4. Ƙarfe huɗu na yamma. Matar nan ta cire goman, ta manta biyun.

Ku riƙe shi da lokacin salla. A yawancin masallatanmu ana La'asar wajen ƙarfe huɗu, wato 16:00, ana Isha'i wajen takwas, wato 20:00. Wanda ya san 16 La'asar ce ba zai kai ta Magariba ba.

Minti ba ya canzawa. 18:35 shida ne da minti 35 na yamma. 21:10 tara da minti 10 na dare. Idan lambar hagu ba ta kai 12 ba, babu abin cirewa, dare ne ko safiya: 07:30 bakwai da rabi na safe.

Komawa kuwa ƙari ne. Daga ƙarfe ɗaya na rana zuwa sha ɗaya na dare ku ƙara 12. Biyar da kwata na yamma, 5 da 12 sun zama 17, a rubuta 17:15. Idan an ce a sha magani duk bayan awa 8, aka fara 06:00, na biyu 14:00, na uku 22:00, wato shida na safe, biyu na rana, goma na dare.

Darasi na biyar: sha biyu

Sha biyun rana 12:00 ne, ba a ƙara komai. Sha biyun dare 00:00 ne. Sha biyu da rabi na rana 12:30, na dare 00:30.

Aikin gida

Ku nuna waɗannan a kwalinku: 4:50, 9:40, 15:45, 19:55, 00:20. Kowanne ku rubuta yadda ake faɗinsa da baki. Ku zo da kwalin ranar Asabar, ƙarfe 16:30.