Kurakuran da aka fi yi wajen cire bayan hoto a ɗora mutum kan kala a fulaya

Gaskiya abin da ke fara tona asirin fulaya shi ne bakin hoton, wato dai inda jikin mutum ya haɗu da sabuwar kalar da ka sa masa a baya. Rubutu zai iya yin kyau kala ta zauna, amma da an kalli kafaɗa ko gashi sai a ga wani farin zare ya zagaye mutum kamar an yanko shi da almakashi an manna.

A ce an ɗauki hoton wani a gaban farin bango, gashinsa baƙi, kai kuma shuɗi mai duhu kake so a bayansa. Ka danna Select Subject a Photoshop ya zaɓo maka shi, ka cire bangon, ka ga kamar an gama saboda kana kallonsa ne a kan ɗakunan nan fari da toka da ke nuna wurin da ba komai, su kuwa ɓoye farin zaren suke yi. Kuskure na farko kenan. Tun kafin ka ci gaba ka buɗe sabuwar leya a ƙasa ka zuba mata ainihin shuɗin da za ka yi amfani da shi, ka matso da hoton zuwa 200%, a nan za ka ga gaskiyar aikinka.

Shi wannan zaren ba wani abu ba ne, fiksel ɗin da ke bakin jiki ne da suka ɗebo rabin kalar mutum rabin kalar bango. A wuri mai santsi kamar kafaɗa da hannu maganinsa sauƙi ne da shi, ka shiga Select and Mask ka ja Shift Edge baya kaɗan, ko ka yi Select > Modify > Contract da fiksel 1 ko 2 don ka ci bakin. Sai Feather kamar 0.5 zuwa 1. Mutane da yawa da sun ga zaren sai su narka Feather har 10 wai ya ɓace, ai ba ya ɓacewa, bazuwa yake yi ya koma hayaƙi, mutum ya zama kamar yana narkewa.

Gashi kuma nan ne ake shan wuya, kuma don Allah kar ka bi shi da Eraser. Duk abin da ka goge da shi ya tafi, in daga baya ka ga ka cinye kunne sai dai ka sake daga farko. Layer Mask za ka sa, baƙi ya ɓoye fari ya dawo da shi. Ka bi bakin gashin kaɗai da Refine Edge Brush, kar ka shiga da shi cikin fuska ko riga don zai huda su shuɗin ya dinga leƙowa. In har yanzu silin gashin na da fari-fari, ga yadda ni nake yi: sabuwar leya a saman mutumin, Create Clipping Mask, in mai da ita Darken, in ɗauko kalar gashin da Eyedropper in shafa a bakin da buroshi mai laushi. Farin kawai take rufewa, siffar gashin tana nan. Akwai Decontaminate Colors shi ma yana taimakawa amma wani lokacin yana dame bakin, sai ka duba bayan ka sa. Kar ka manta da ramin da ke tsakanin hannu da jiki, tsohon bango yakan maƙale a wurin.

Bayan an yanke tsaf sai kuma ka ga mutum kamar yana shawagi. Drop Shadow mai kauri da ake zabgawa ƙara ɓata abin yake. Ka duba fuskarsa, in haske daga hagu ya zo to inuwa dama za ta faɗa, mai laushi, Opacity ƙasa-ƙasa. In hoton har ƙafa ne ka sa 'yar inuwa mai duhu daidai ƙarƙashin takalmi inda ya taɓa ƙasa. Kuma in rigarsa ita ma shuɗiya ce mai duhu, canza kalar bayan kawai, babu dabarar da za ta raba su da kyau.

Wajen ajiyewa ma ana faɗuwa. JPG ba ya riƙe wurin da ba komai, zai cika maka shi da fari, saboda haka mutumin da ka yanke PNG za ka ajiye shi in wata manhaja za ka kai. In kuma bugawa za a yi a takarda girman A5, kana buƙatar kusan fiksel 1748 da 2480 a 300 ppi. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, bakinsa ya yi dishi-dishi, kana ƙara masa girma zai farfashe, ka ce a sake turo maka asalin a matsayin Document kafin ka fara yankan.