Kafin ka sa hannu a kan kuɗin gida a Saudiyya

Duk wanda ya samu iƙama da albashi mai ɗan kauri a Jidda ko Riyad, wata rana zai gaji da biyan haya. Idan ka je banki neman kuɗin sayen gida, murabaha ko ijara za a shimfiɗa maka. Ɗan'uwa, kada jin cewa babu riba ya hana ka yin lissafi.

A bashin ruwa, kuɗi banki yake ba ka, ruwa kuma yana hawa kan abin da ya rage a kanka. A murabaha gida ake sayar maka. Banki ya saya daga mai shi, ya mallaka, sannan ya sayar maka da ƙarin da kuka yanke. Sunanka ke kan takardar gida, amma tana jingine a wurin banki.

Mu ɗauka gidan riyal 600,000 ne, ka ba da 180,000, banki ya cike 420,000. An ce maka ƙarin kashi 4 ne a shekara, na shekara 15. A nan ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa, domin sau da yawa a kan 420,000 ɗin gaba ɗaya ake lissafa shi kowace shekara, ko da ka biya rabi. Ƙarin ya zama 252,000, jimilla 672,000, wato kimanin 3,733 a wata. In aka auna shi a kan ragowar kuɗi, ya kusa kashi 7. Saboda haka ka nemi adadin APR, wato ainihin kason ƙari na shekara haɗe da sauran caji, wanda babban banki, SAMA, ya wajabta a rubuta a yarjejeniya. Da shi ake gwada tayin banki da na wani. Daɗin murabaha shi ne 672,000 ɗin nan ba ya motsi, kasuwa ta hau ko ta sauka.

Ijara ce ta fi ba ni tsoro ga sabon zuwa. Gidan na banki ne, kai ɗan haya ne da alƙawarin mallaka a ƙarshe. Da yawa ana ɗaure kuɗin hayar da SAIBOR, ma'aunin da bankuna ke ranta wa juna kuɗi, a riƙa sabuntawa. Idan ya tashi, abin da ake cira a albashinka ya tashi, kusan yadda yake faruwa a bashin ruwa mai sauyawa. Ka tambaya ko akwai iyakar da ba za a wuce ba. Ka duba kuma wa zai ɗauki inshora da babban gyara, irin tsagewar ginshiƙi, domin asali nauyin mai gida ne.

Aikin baƙo yana iya ƙarewa ba shiri, don haka ka karanta sharaɗin biya kafin wa'adi da kyau. A ƙa'idar SAMA, diyyar banki ba ta wuce ƙarin da zai samu a wata uku masu zuwa, sai dai yarjejeniyar gida tana iya hana ka biyan a shekara biyu na farko. Kafin ka ba dillali kafin alƙalami ma, tabbatar unguwar tana cikin inda aka yarje wa baƙo ya mallaka, musamman a Makka da Madina.