Yadda Ake Gane Ko Folinomiyal Yana Tsaguwa a Z Ko a Q da Taimakon Lemmar Gauss

A ba ɗalibai biyu 2x + 4, a ce su faɗa ko yana tsaguwa. Na farko zai ce yana tsaguwa, ga shi nan 2 sau (x + 2). Na biyu zai ce atafau, abin da darajarsa 1 ce, wato mafi girman ƙarfin x a cikinsa 1 ne, ba ya tsaguwa. Dukansu suna iya cin maki, domin amsar ta dogara ne ga gidan da ake aiki a ciki. Saboda haka matakin farko, tun kafin a ɗauki biro, shi ne a tambaya: a Z ake nufi, wato cikakkun lambobi irin su −3, 0 da 7, ko a Q, wato lambobin kaso irin su 1/2 da −5/3 har da cikakkun?

Dalilin bambancin shi ne abin da ake kira yunit, lambar da ke da abokiyar da idan aka ninka su za a samu 1. Cire yunit daga jikin folinomiyal ba tsagawa ba ne. A Q kowace lamba yunit ce in ban da sifili, domin 2 tana da 1/2, ita ma 7 tana da 1/7. A Z kuwa yunit biyu ne rak, 1 da −1. To a Q, cire 2 daga 2x + 4 bai tsinana komai ba. A Z kuma 2 lambar firam ce mai zaman kanta, don haka 2(x + 2) tsaguwa ce ta gaskiya.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe:

f(x) = (3/4)x⁴ − (15/2)x² + 3/4

Share kaso, sannan ka cire kontent

Ka fara da kawar da lambobin ƙasa. Ƙaramar lambar da 4 da 2 suke shiga ita ce 4, sai ka ninka komai da ita. Za ka samu 3x⁴ − 30x² + 3. A wurin Q ba ka canza komai ba, tunda 4 yunit ce.

Yanzu dubi lambobin da ke gaban kowane ƙarfi na x, wato 3, −30 da 3. Babbar lambar da ke raba su duka ba tare da saura ba ita ake kira kontent na folinomiyal ɗin. A nan 3 ce. Idan kontent ya zama 1, sai a ce folinomiyal ɗin firimitif ne. Ka lura da wani abu da ke yawan kayar da ɗalibai: ba a buƙatar kowaɗanne lambobi biyu su rasa abin da ke raba su. A 6x² + 10x + 15, lambar 2 tana raba 6 da 10, 3 tana raba 6 da 15, 5 tana raba 10 da 15, amma babu wadda ke raba ukun gaba ɗaya. Firimitif ne.

Cire 3 ɗin, ka samu 3(x⁴ − 10x² + 1). Tun a nan rabin amsa ta fito. Da an tambaye ka game da 3x⁴ − 30x² + 3 a Z, ka gama: yana tsaguwa, saboda kontent ɗinsa ya wuce 1. Amma a Q aiki yana gaba, kuma duk ya koma kan ɓangaren firimitif ɗin, wanda za mu kira p(x) = x⁴ − 10x² + 1.

Inda lemmar take shigowa

Matsalar Q ita ce yawa. Idan kana neman tsaga p gida biyu da lambobin kaso, ba ka da iyakar abin da za ka gwada. Ka gwada 1/2 ka gwada 2/3, wani ya ce ai ba ka gwada 355/113 ba. Carl Friedrich Gauss ya toshe wannan ƙofa a littafinsa Disquisitiones Arithmeticae na shekarar 1801, a sashe na 42. A yadda ake koyar da ita yau, lemmar tana cewa: idan ka ninka firimitif biyu, abin da zai fito firimitif ne.

Hujjar gajeriya ce, kuma ina ganin ya kamata kowa ya iya ta da ka, domin a cikinta ake gane iyakar lemmar. A ce g da h firimitif ne, amma gh ba firimitif ba ne. Ke nan akwai lambar firam, mu kira ta q, da ke raba kowace lambar gaba ta gh. Sai ka maye gurbin kowace lamba da saurar da take bari idan an raba ta da q. Shi g ba zai zama sifili ba, tunda q ba ta raba lambobinsa duka. Haka ma h. Ɗauki mafi girman ƙarfin x da ya tsira a g da wanda ya tsira a h, ka ninka lambobinsu. Lambar firam ba ta raba a sau b sai in ta raba a ko ta raba b, don haka wannan ninkin ma ya tsira. Ashe gh bai zama sifili ba, alhali mun ce q tana raba lambobinsa duka. Magana ta ci karo da kanta.

Gwada shi da 2x + 3 da 3x + 2. Ninkinsu shi ne 6x² + 13x + 6. Lambar 2 ta raba farko da ƙarshe, 3 ma haka, amma 13 ta tsaya a tsakiya ta hana su duka. Duk lokacin da ka ninka firimitif biyu, ga kowace lambar firam akwai irin wannan 13 ɗin a wani wuri.

Daga nan ne abin da muke nema yake fitowa. Idan firimitif mai cikakkun lambobi ya tsagu a Q, to yana tsaguwa a Z ma, kuma da darajoji iri ɗaya. Ga yadda abin yake a aikace. Wani ya kawo maka 6x² + 5x + 1 a tsage haka:

((4/3)x + 2/3) × ((9/2)x + 3/2)

Lissafinsa daidai ne, ninka ka gani. Yi wa kowane gefe abin da muka yi a matakin farko. Na hagu ya zama 2/3 sau (2x + 1), na dama ya zama 3/2 sau (3x + 1). Lemmar ta ce (2x + 1)(3x + 1) firimitif ne. Shi ma 6x² + 5x + 1 firimitif ne. Firimitif biyu da lamba kawai ta bambanta su, dole lambar ta zama 1 ko −1. Duba kuwa: 2/3 sau 3/2 ya ba da 1. Kason duk ya cinye juna, ba don sa'a ba, dole ce ta sa.

Ƙa'idar da za ka riƙe ke nan: folinomiyal mai cikakkun lambobi, wanda darajarsa ta kai 1 ko sama, ba ya tsaguwa a Z idan ya cika sharuɗɗa biyu tare, wato firimitif ne kuma ba ya tsaguwa a Q. Idan ɗaya ya faɗi, yana tsaguwa a Z.

Yi binciken da cikakkun lambobi kaɗai

Mu koma ga p(x) = x⁴ − 10x² + 1. Darajarsa 4, don haka in zai tsagu, ko dai 1 da 3 ne, ko 2 da 2.

Na farko yana da sauƙi. Lambar gaban x⁴ ita ce 1, to lambobin gaba na gutsattsarin dole ninkinsu ya zama 1, kuma za ka iya juya alama su zama 1 da 1. Gutsure mai daraja 1 zai zama x − r, inda r cikakkiyar lamba ce da ke raba lambar ƙarshe, wato 1. Gwaji biyu ne kawai. p(1) ya ba da −8, p(−1) ma −8. Babu.

A nan mutane da yawa suke ajiye biro su ce an gama, kuma kuskure ne babba. Rashin saiwa, wato rashin lambar da in an sa ta a gurbin x za a samu sifili, yana wadatarwa ne a daraja 2 da 3 kawai. Dubi x⁴ + 4. Ba shi da saiwa ko ɗaya a Q, domin kullum ya fi sifili, amma ga shi a tsage: (x² + 2x + 2)(x² − 2x + 2). Don haka sai an duba 2 da 2.

Rubuta p a matsayin (x² + ax + b)(x² + cx + d), inda a, b, c, d duk cikakkun lambobi ne. Lemmar ce ta ba ka izinin faɗin haka. Ninka, ka daidaita kowane ƙarfi na x da na p:

a + c = 0
b + d + ac = −10
ad + bc = 0
bd = 1

Fara da layin ƙarshe, shi ne mafi amfani. A Q, bd = 1 yana da amsoshi marasa iyaka, irin su 5 da 1/5. A Z biyu ne tak: b da d duk 1, ko duk −1. Layin farko ya ce c = −a, ke nan ac = −a². Layi na uku ya cika da kansa tunda b daidai yake da d. Saura na biyu. Idan b = d = 1, za ka samu 2 − a² = −10, wato a² = 12. Babu cikakkiyar lambar da ninkinta da kanta ya ba da 12, domin 3 tana ba da 9, 4 tana ba da 16. Idan b = d = −1, za ka samu −2 − a² = −10, wato a² = 8. Nan ma babu.

Hanyoyi sun ƙare. p ba ya tsaguwa a Z, lemmar kuma ta ce ba ya tsaguwa a Q. To f ɗin da muka fara da shi, wanda 3/4 ne sau p, ba ya tsaguwa a Q.

Na zaɓi wannan misalin da gangan. Saiwoyinsa su ne √2 + √3 da 'yan'uwansa uku da ake samu ta canza alamomi, kuma yana da wani hali: yana tsaguwa idan an rage shi da kowace lambar firam, wato aka maye gurbin lambobinsa da saurar da suke bari idan an raba su da firam ɗin. Dabarar nan ta rage lambobi da firam a duba ko abin ya ƙi tsaguwa ba za ta taɓa kama shi kai tsaye ba, ko da ka kwana kana gwada 2, 3, 5, 7. Sharaɗin Eisenstein ma, wata dabara da ke buƙatar firam mai raba duk lambobin gaba in ban da ta mafi girman ƙarfi, bai hau shi a yadda yake ba, tunda babu firam da ke raba 1. Kuma ko a inda waɗannan dabaru biyu suke aiki, abin da suke nunawa da farko game da Z ne, lemmar Gauss ce ke tsallakar da hukuncin zuwa Q.

Inda ba za ka iya jingina da ita ba

Lemmar tana aiki a duk gidan da kowace lamba take tsaguwa zuwa firam ta hanya ɗaya tak, kamar Z. Idan ka fita daga irin wannan gida, ka yi hattara. Ɗauki lambobi masu siffar a + b√5, inda a da b cikakku ne. A nan 4 tana fitowa ta hanya biyu: 2 sau 2, da kuma (√5 + 1) sau (√5 − 1). Lambar 2 tana raba ninkin na biyu amma ba ta raba ko ɗaya daga cikinsu, wato ainihin matakin da hujjarmu ta taka ya karye. Sakamakon yana bayyana a x² − x − 1. Firimitif ne, saiwoyinsa su ne (1 + √5)/2 da (1 − √5)/2. Idan an yarda a da b su zama kaso, yana tsaguwa gida biyu. Idan an ce sai cikakku, ba ya tsaguwa, domin wannan 2 ta ƙasa ba ta da inda za ta je ta ɓace.