Sautin da ke tashe: inda masu bidiyo ke kashe dariyar da hannunsu

Duk sautin da ya fara tashe a TikTok, kafin kwana biyu za ka ga yaran Gombe sun hau kansa, daga Jekadafari har Tumfure. Sai dai a cikin goma da kyar biyu za su ba ka dariya. Ba wai sautin ne ya tsufa ba. Masu ɗaukar ne ba su gane cewa barkwancin yana cikin sautin tun kafin su kunna kyamara ba, aikinsu kawai su ajiye hoton da ya dace a daidai inda sautin ya buga.

Mu ƙaddara sauti mai sakan 8. Muryar tsohuwa ce ta ce "Ka ce me?", aka yi shiru na sakan ɗaya da rabi, ta ce "To, babu komai", sai murfin tukunya ya faɗi, kwararam. Gaɓa huɗu ke nan: tambaya, shiru, amsa, ƙara. Dariyar tana tsakanin "babu komai" da faɗuwar murfin, domin baki ya ce an haƙura, ƙarar kuma ta tona asirin cewa ba a haƙura ba. Yanzu a ɗora shi a kan mai Keke Napep da ya kawo fasinja Tsohuwar Kasuwa, fasinjan ya ce kuɗinsa na cikin waya kuma babu sabis. A kan tambaya, direba ya waiwayo. A kan shirun, fuskarsa kaɗai za a gani, ko ƙiftawa kada ya yi. A kan ƙarar murfin sai hoto ya canja, a ga ya zare makulli ya jefa aljihu.

Babban laifin da na fi gani, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne yanke shirun. Yaro ya buɗe CapCut, manhajar editin bidiyo, ya ga zanen sautin ya kwanta a tsakiya babu tsalle, sai ya ce ai wurin nan fanko ne, ya datse shi don kada mai kallo ya gundura ya wuce. Haba! Wannan sakan ɗaya da rabin shi ne lokacin da mai kallo yake jira, yana hasashen abin da zai biyo baya. Ka cire shi, amsa ta hau kan tambaya, murfi ya faɗi ba wanda ya shirya masa. Wani kuma ba ya yanke shirun, amma yana cika shi da motsi: ya kaɗa kai, ya ɗaga hannu, ya yi wa kyamara murmushi. Duk ɗaya ne. In sauti ya yi shiru, jiki ma ya yi shiru.

Sai saɓanin lokaci, wanda shi ya fi cin mutane ba su sani ba. Yawancin bidiyon waya hoto 30 ne a cikin sakan ɗaya. In canjin hoto ya makara da hoto biyar ko shida bayan ƙarar murfin, mai kallo ba zai iya gaya maka abin da ya lalace ba, amma ba zai yi dariya ba. Abin da nake yi shi ne in ja layin editin da yatsa biyu har zanen sautin ya buɗe sosai, in nemi tsinin da ya fi tsawo, nan ne ƙarar, in sa Split, wato in yanka hoton, daidai kansa. In ma za a yi kuskure, gara canjin ya riga ƙarar da hoto ɗaya da ya makara da hoto ɗaya. Wasu za su ce wannan ƙa'ida ba dole ba ce. Ni dai haka idona ya fi karɓa.

Mutane da yawa kuma bakinsu na bin murya a baya, kamar fim ɗin da aka yi wa fassara, suna ta zargin waya. Duba kunnenka tukuna. Iyafis na Bluetooth yana jinkirta sauti kafin ya iso kunne, wani lokaci har kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, wato hoto shida ke nan. Kai kana bin abin da ka ji, manhaja kuwa tana ajiye sautin a ainihin wurinsa, sai bakinka ya zo a makare. Cire iyafis ɗin, ka ɗauka da lasifikar waya ko iyafis mai igiya. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: nemi kalma mai "b" ko "m", irin su "babu" da "me", ka tsayar da bidiyon a kanta. Dole leɓɓa su kasance a rufe a daidai lokacin. In a buɗe suke, rage hoto kaɗan daga farkon bidiyon har su haɗu. Kuma ka haddace maganar kafin ka danna Timer, agogon fara ɗauka, ba a koyon karatu ranar jarrabawa.

Akwai laifin da ba na editin ba ne, na rashin tambaya ne. Sauti ya zo da yaren da ba ka ji, Yarbanci ko Larabci ko ma Fulatancin da maƙwabcinka zai fassara maka a kyauta, ka hau kai saboda amonsa ya yi maka daɗi. Daga baya a gaya maka ashar ne, ko an yanko shi daga wa'azi, ko kukan wata ne a gidan rasuwa. A garin da kowa ya san gidan kowa, kafin magariba bidiyon ya isa wayar Baba. Danna sunan sautin da ke ƙasan bidiyo, ka kalli aƙalla goma daga waɗanda aka yi da shi. Nan za ka ga ma'anar da jama'a suka ba shi. In duk suna amfani da shi wajen nuna wanda aka kama yana ƙarya, kai ka ɗora shi a kan tallan shadda, ka zagi kayanka da kanka.

Kada ka bayyana barkwancin da rubutu. Layi ɗaya ya isa, "Fasinja: zan tura maka ta waya", ya fito tun farko ya ɓace kafin shirun. Mai rubuta layi huɗu har da hotunan fuskar dariya ya sa mutane karatu a lokacin da ya kamata su saurara.

Masu karɓar sauti ta WhatsApp ko su naɗo shi daga fuskar waya su ma suna cutar kansu. Muryar ta dusashe, sannan bidiyon yakan fito a matsayin original sound, wato sautin mai bidiyon da kansa, ba ya shiga shafin sautin da mutane ke bi. In ka yi editin a waje, ɗora bidiyon, ka zaɓi ainihin sautin ta Add sound, ka daidaita farkonsa, ka sauke Original sound zuwa 0 don kada murya ta fito biyu, kuma kada ƙarar janareton maƙwabta ta cike shirun nan da muka sha wahala a kansa.

Masu shago da suka mayar da shafinsu na kasuwanci, kada su yi mamaki in sautin da ke tashe bai fito musu ba. Irin wannan shafin an taƙaita shi ga sautukan da aka ba da izinin talla da su, yawancin waƙoƙi ba sa ciki.