Yadda na gyara lissafin ribar amfilifaya

Na haɗa amfilifayar LM358 a kan batir guda na 9 V, ina son ta juya sigina ta ninka shi sau goma, amma mita ta kafe kusa da sifili. Sai na koma kan takarda.

Dabarar ita ce, muddin fitarwa tana komowa ta resista zuwa ƙafar (−), amfilifayar za ta riƙe ƙafafun shiga biyu a kan wuta ɗaya kamar an haɗa su da waya, alhali lantarki ba ya shiga kowacce. Ƙafar (+) tana haɗe da ƙasa, wato 0 V, don haka (−) ma tana 0 V. Na sa 0.2 V zuwa ƙafar (−) ta resistar R1 mai 10 kΩ, lantarkin 20 µA ke nan. Ba shi da wata hanya sai ta Rf, resistar da ke komowa daga fitarwa, mai 100 kΩ, dole fitarwa ta sauka zuwa −2 V.

```
Vout = −(Rf/R1)·Vin
```

Nan matsalar take: batir guda ba shi da wutar da ke ƙasa da sifili. Fitarwa ta maƙale, ƙafafun suka daina daidaita. Da na auna (−) na ga tana kusa da 0.2 V, na tabbatar.

Juyawar ba dole ba ce a aikina, sai na mayar da siginar zuwa ƙafar (+), na kai R1 ƙasa. Yanzu (−) tana 0.2 V, lantarkin R1 shi ne dai ke bi ta Rf, ya ƙara 2 V a kai.

```
Vout = (1 + Rf/R1)·Vin
```

Mita ta nuna kusan 2.2 V. Da na so goma daidai, na sa Rf mai 90 kΩ.